Amsoshin Tambayoyinku: An Ɗura Agon, Ina Daidaito Zai Karkata?

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce ta haddace ƙa'idar Le Chatelier, amma ta faɗi wannan tambayar: a N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, an ɗura iskar agon cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, ina daidaito zai karkata? Ta ce dama, malami ya soke.

To 'yar uwa, lissafinki bai ɓaci ba. Mol 4 ne a hagu, 2 a dama, don haka da matse tukunyar aka yi ta ƙanƙance, da lallai dama zai yi, amoniya ta ƙaru. Amma nan ba a matse komai ba. Allurar awon matsi ta hau, gaskiya ne, sai dai agon ɗan kallo ne, ba ya haɗuwa da kowa. Naitirojin, haidirojin da amoniya kowanne yawansa a cikin lita ɗaya yana nan yadda yake, saboda haka daidaito bai motsa ba.

Da a ce tukunyar mai iya faɗaɗa ce, matsin bai canza ba, agon zai ƙara mata girma, iskokin su tsarma. Nan kuwa hagu zai koma, amoniya ta ragu.