Amsar Tambaya: An Rufe Layina Duk da Na Haɗa Shi da NIN

Malama, tun da hukumar NCC ta wajabta haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020, galibin irin musibarki daga saɓanin suna take tasowa, domin wadda aka rubuta Hauwa'u a rajistar layi, alhali Hauwa ce a kundin NIMC, na'ura ba ta shaida mata, ko da kuwa unguwa duka ta san mutum ɗaya ce.

Ki buga *346# ki tabbatar da lambarki ta NIN mai alƙaluma 11, sa'an nan ki tafi ofishin kamfanin layin da takardarki ta NIN, a sabunta rajista, a ɗauki hotonki da zanen yatsunki. In kuskuren na kundin NIMC ne, can za a fara gyarawa, da kuɗi. Don Allah kada ki ba ɗan tebur lambarki ta NIN.