Ƙanƙara ko Gashi: Bayani ga Ma'aikatan Kasuwa

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira da sunan Shehu Abubakar Gumi, ya ga 'yan dako da masu turin baro suna kai da komowa da buhuna, ya san targaɗe da ciwon baya ba baƙi ba ne a wurin. Al'adarmu kuwa ita ce da zarar mutum ya gurɗe sai a ɗora ruwa a wuta, alhali gashi yana da lokacinsa, wanda kuma ya yi gaggawarsa ya ƙara wa kansa jinya.

A ɗauka ɗan dako ya taka gefen kwata da buhu a kansa, idon sawunsa ya gurɗe. Abin da ya auku a ciki shi ne ƙananan hanyoyin jini sun tsage, ruwa da jini suna taruwa ƙarƙashin fata, shi ya sa wurin ke kumbura ya ɗau zafi. To, da yake ɗabi'ar zafi ita ce buɗe hanyoyin jini, ta sanyi kuwa tsuke su, wajibi ne a kwana biyu ko uku na farko a nemi ƙanƙara, ko da ledar fiya wata ce da ta daskare, a naɗe ta cikin tsumma mai laima, a ɗora minti 15 zuwa 20, a sake bayan awa biyu ko uku, yana kwance ƙafar na bisa matashi. Kada ƙanƙara ta taɓa fata tsurarta, domin ita ma tana ƙuna. A wannan tsakani babu gashi, babu man zafi, babu murza da ƙarfi. Alamar an saɓa kuwa ita ce a wayi gari kumburi ya ƙaru, wurin yana zogi.

Idan kumburi ya saɓe, ya rage sai sagewa, sannan ne gashi ke da fa'ida, domin yana sassauta tsoka. Haka nan ga tela ko mai shago da bayansa ke riƙewa saboda dogon zama, da dattijon da gwiwarsa ke ƙagewa da safiyar hunturu: tsumma da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, kimanin minti 20, ya wadatar.

Amma akwai waɗanda hukuncinsu daban. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai yana iya ƙonewa bai sani ba, saboda haka ya nisanci duka biyun sai da izinin likita. Mai sikila kuwa ya guji ƙanƙara, domin sanyi na tayar masa da ciwo. Wanda ya kasa taku huɗu a kan ƙafar, ko gaɓarsa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi ba tare da ya bugu ba, a kai shi asibiti, kamar na Barau Dikko, a duba shi tun a ranar.