Kalma Ɗaya da Hoton Tambaya: Darasi Kan Ma'ana a Cikin Muhalli

Gabatarwa

Duk wanda ya kai aji uku ko huɗu a wannan sashe ya san irin saƙon da ke shigowa waya idan jarrabawa ta ƙarato. Wani ƙane ko ƙanwa a karatu zai turo hoton takardar tambayoyi, a ƙarƙashinsa kalmar Ingilishi guda tak: "help". Babu sallama, babu bayani. Wannan ɗan rubutu zai duba yadda mai karɓar saƙon zai gano abin da ake nema a wurinsa, ta amfani da abin da muke koya a darasin ma'ana, musamman ɓangaren da ke nazarin yadda muhallin magana yake cike giɓin da kalmomi suka bari.

Abin da kalmar ta faɗa da wanda ta bari

Mu fara da gwada mayar da kalmar zuwa Hausa. Nan take za mu ga dole sai mun yi zaɓi. Za mu iya cewa "taimako", wato suna. Za mu iya cewa "a taimaka", ko "taimake ni", ko "taimaka mini da amsa". A Ingilishi kalmar tana zaman suna, tana kuma zaman aikatau na umarni, siffarta ba ta sauyawa. Ke nan ba ta gaya mana wanda za a taimaka ba, ba ta kuma faɗi irin taimakon ba. Abu ɗaya ta tabbatar, shi ne cewa saƙon roƙo ne. Sauran ma'anar tana cikin hoton, da lokacin da aka turo shi, da kuma dangantakar da ke tsakanin mutanen biyu.

Grice (1975) ya yi bayanin cewa masu zance suna tafiya ne a kan wata ƙa'ida ta haɗin kai, mai sharuɗɗa huɗu: a faɗi daidai gwargwadon abin da ake bukata, a faɗi gaskiya, a faɗi abin da ya shafi zancen, a kuma faɗe shi a sarari. Biyu daga ciki ne suka fi yi mana aiki a nan. Sharaɗin gwargwado yana nuna cewa wanda ya rubuta kalma ɗaya yana ganin hoton ya isa bayani. Sharaɗin dangantaka kuwa yana nuna cewa abin da ya sa a cikin hoton, da abin da ya yanke ya bari a waje, duk suna da alaƙa da bukatarsa. Saboda haka aikin farko shi ne a karanta hoton gaba ɗayansa, har gefe-gefensa, kafin a tsaya kan tambayar da aka buga.

Ni kaina na taɓa yin kuskure a nan. Wani ɗan aji ɗaya ya turo mini tambaya kan wata waƙa, na zauna na kusa awa guda ina rubuta masa jigo da salo da tsarin baitoci. Da ya karanta sai ya ce duk ya san waɗannan. Kalmar "feɗe" da malami ya fara tambayar da ita ce bai gane ba, don shi a kan akuya kawai ya san ana amfani da ita. Da na lura da layin da ya ja a ƙarƙashin kalmar, da jimla ɗaya ta wadatar.

Misali daga giredin aikatau

Ga wani saƙo da za mu bi daki-daki. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyu, wadda Yarbanci ne harshenta na gida, ta turo hoto da ƙarfe 11:40 na dare, saura kwana biyu a yi jarrabawar nahawu. A saman takardar akwai shekarar karatun da ta wuce. Ba ta ɗauki shafin duka ba, tambaya ta uku kaɗai ta yanko, wadda ke cewa a bayyana yadda wasalin ƙarshe na aikatau ɗan giredi na 2 yake sauyawa gwargwadon abin da ya biyo bayansa, a kawo misalai. A gefen takardar akwai rubutun fensir layi uku. Na farko "na saya". Na biyu "na sayi shi", an soke shi, an rubuta "na saye shi" a samansa. Na uku "na saye littafin", da alamar tambaya har biyu.

Shekarar da ke saman takardar ta nuna tsohuwar tambaya ce, bita take yi, don haka babu laifi a amsa mata. Yanke hoton da ta yi ya nuna sauran tambayoyin ba su dame ta ba. Rubutun fensir kuwa shi ne ainihin saƙon. Wadda ta rubuta misalai uku da aikatau da ya dace ta fahimci abin da aka tambaye ta, ta kuma san akwai sigogi uku. Ba ta bukatar a faro mata daga Parsons (1960) da giredinsa bakwai. Layi na biyu ma ta gyara shi da kanta. Inda ta tsaya shi ne layi na uku, kuma alamun tambayar nan biyu suna nuna mana wurin da ƙafarta ta maƙale.

To, mene ne matsalar? Ƙa'idar giredi na 2 ita ce: idan babu karɓau a bayan aikatau, yana ƙarewa da -a, kamar "na saya". Idan wakilin suna ya biyo baya, sai ya koma -e, kamar "na saye shi". Idan suna ne ya biyo baya, sai ya koma -i, kamar "na sayi littafi". Bisa wannan ƙa'ida, layinta na uku ya kamata ya zama "na sayi littafin". Sai dai da alama kunnenta ya sha jin Hausawa a kasuwa suna cewa "na saye kayan", kuma ba kuskure suke yi ba. Wannan "saye" ɗin ɗan giredi na 4 ne, mai nuna an yi aikin baki ɗaya, wato an sayi kayan duka ba a rage ba. A baki ana bambance su da karin sauti: na giredi na 2 yana farawa da karin ƙasa ya ƙare da na sama, na giredi na 4 kuma yana farawa da karin sama ya ƙare da na ƙasa. Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, a takarda kalmomin biyu sun zama ɗaya. Abin da littafi ya gaya mata da abin da kunnenta ya ji sun saɓa, ta kuma rasa yadda za ta tsara wannan ruɗani ya zama tambaya. Shi ya sa ta rubuta kalma ɗaya.

Duk da haka, wannan hasashe ne, kuma hasashe yana bukatar gwaji kafin a gina doguwar amsa a kansa. Mutane da yawa a nan sukan mayar da "me kike so?" A ganina wannan amsa ba ta da amfani sosai, domin da ta iya faɗar abin da take so, da ta faɗa tun farko. Ya fi kyau a ba ta zaɓi biyu da za ta iya amsawa da kalma ɗaya, kamar yadda ta fara. Abin da na rubuta mata shi ne: "Ƙanwata, layinki na ɗaya da na biyu daidai ne. A na uku, ƙa'idar -i ce kika manta, ko kuwa kin ji ana cewa 'na saye kayan' ne ya rikita ki?" Ta amsa: "Na biyun ne, Yaya." Daga nan sai na tura mata saƙon murya, na furta kalmomin biyu a jere, tun da bambancin na kunne ne. Na kuma tuna mata cewa a Yarbanci ma aikatau mai karin ƙasa yakan koma karin tsaka idan suna ya biyo bayansa, don haka sauyawar aikatau saboda karɓau ba baƙon abu ba ne a wurinta. A ƙarshe na ce ta gwada da "taimaka", wanda shi ma yana aiki a giredi na 2. Ta rubuto "ya taimake ni" da "ya taimaki yaron", ban gyara komai ba.

A lura cewa da hoton ya zo fes, babu ko ɗigon fensir, da hasashen ya sauya. Takarda fes tana iya nufin ɗalibi bai san ta inda zai fara ba, tana kuma iya nufin amsa kawai yake so a rubuto masa ya haddace. Hoto ba zai raba mana waɗannan biyu ba. Abin yi shi ne a ce ya rubuto jimla ɗaya daga abin da ya sani. Mai neman fahimta yakan rubuto wani abu ko da kuskure ne, kuma kuskuren nan shi ne zai nuna inda za a fara.

Inda ƙa'idar take gazawa

Grice yana magana ne kan mai zance da yake auna kalmominsa. Ɗalibi kuwa yakan gajarta magana don kunya, ko don gudun kada Hausarsa ta karye a gaban na gaba da shi. Rashin sallama ma ba ya ɗauke da ma'ana guda. Daga abokin da kuke hira kullum ba ya nufin komai, amma daga ƙanen da ya saba farawa da "Yaya ina wuni" yana nuna hankalinsa a tashe yake, ko kuma ba shi da lokacin rubutu.

Wannan na ƙarshe shi ya kawo mu ga hoton da bai kamata a amsa ba. Alamunsa ba su da wuyar ganewa. Yakan zo da safe ko da rana, daidai lokacin da jadawali ya nuna ana rubuta wannan darasi. Shekarar da ke sama ta bana ce. Hoton a karkace yake, da duhu, kamar an ɗauke shi a ƙarƙashin tebur, wani lokaci har ana hango gefen takardar amsa. A nan kalmar tana nufin "turo mini amsa yanzu", kuma wanda ya tura ya zama abokin satar jarrabawa. Dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta haɗa da mai taimakawa, ban da hukuncin da jami'a take yankewa, wanda yakan kai ga kora. Alama ɗaya ba ta isa a zargi mutum ba, domin hoto a karkace yana iya zama na mai gaggawa ne kawai. Idan an yi shakka, a duba jadawalin jarrabawa. Idan lokacin ya zo daidai, a ajiye wayar har a tashi daga zauren, sannan a kira shi a bi tambayar tare.