Safar Matse Ƙafa: Yadda Masu Jiki Za Su Auna Ƙafa Su Karanta Jadawalin Kwali

A ɗakin awon ciki muna yawan rubuta wa mata safar matse ƙafa, musamman waɗanda jijiyoyin ƙafarsu suka fito ruɗu-ruɗu ko ƙafar ke yin nauyi da yamma. Mace mai matsakaicin jiki takan je kantin magani ta sayo, ta sa, shi ke nan. Masu jiki kuwa su ne ke dawo mana da kuka, wata ta ce safar ta ƙi hawa, wata ta ce ta yanke mata bayan gwiwa. Da wuya laifin ya zama na safar. Yawanci an saye ta ne da ido, ba a auna ƙafa ba.

Kafin mu zo kan awo, ya kamata a san yadda safar ke aiki. An saƙa ta ne yadda za ta fi matsewa a idon sawu, matsin ya riƙa raguwa yayin da ta hau sama. Wannan bambanci shi ne ke taimaka wa jini ya koma wajen zuciya. Idan ta yi sako-sako a ƙasa ta kuma ɗame a sama, aikin ya juye, ta zama kamar an ɗaure ƙafar da igiya.

Lokacin awo shi ne da sassafe, kina tashi daga barci, kafin ƙafa ta fara kumbura. Awon yamma yakan ƙaru, sai ki sayi wadda ta yi miki yawa. Ki zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, babu safa babu wando. Ki samu wani ya riƙe miki tef ɗin, domin mai tsohon ciki ko mai teɓa in ta sunkuya sai tef ya karkace. Tef ɗin tela ya wadatar, amma a lura yana da fuska biyu, inci da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka a duba da wanne aka rubuta jadawalin kwalin, a yi awon da shi.

Wuri uku ake aunawa. Na farko inda ƙafa ta fi sirancewa, wato ɗan sama da ƙashin idon sawu. Na biyu sharaɓa, a inda ta fi kauri. Na uku tsawo, daga ƙasa zuwa yatsa biyu kafin lanƙwasar bayan gwiwa. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. A nan ne masu jiki suka fi yin kuskure, don naman yana da laushi, kuma mutum yakan ja tef ɗin don lambar ta ragu. Na sha ganin haka, har wata ta ce mini, "Sista, ɗan ƙara ja mana." Lambar da aka samu da ja ba ta da amfani. A auna ƙafafu biyun, a rubuta a takarda.

To, ga yadda ake karanta jadawalin. Kowane kamfani da nasa, L ɗin wannan ba shi ne L ɗin wancan ba, kuma ba ruwansa da lambar takalminki ko ta rigarki. A wani jadawali da ake yawan gani, L na mai idon sawu santimita 25 zuwa 29 ne da sharaɓa 32 zuwa 46, XL kuma idon sawu 29 zuwa 33 da sharaɓa 34 zuwa 50. Daga nan jadawalin ya ƙare. Ana fara dubawa ne da idon sawu, tunda a can matsin yake, sannan a duba ko sharaɓa ta shiga cikin layin. Dole lambobin biyu su faɗa layi ɗaya.

Bari in ba da misalin wata baiwar Allah mai ciki wata bakwai. Idon sawunta 27, sharaɓarta 52. Idon sawu ya ce L, sharaɓa kuwa ta wuce har XL da santimita 2. Mai kanti ya dube ta ya ba ta XL, ya ce ai roba ce, za ta buɗe. Bayan kwana huɗu ta zo mana. A idon sawu safar tana tattarewa, don an yi ta ne domin 29 zuwa sama. A sama kuma bakin ya kasa zama, ya naɗe ya gangaro, ya bar mata jan zobe mai zurfi, ƙasan zoben ya fi da kumbura. Ke nan ta biya kuɗi ta sayi ƙarin ciwo.

Abin da ya dace da ita shi ne safa mai faɗin sharaɓa. Wasu kamfanoni suna yin ta daban, suna rubuta LFC ko XLFC a kwali. A irin wannan jadawali LFC na ɗaukar idon sawu 25 zuwa 30 da sharaɓa 46 zuwa 61, kin ga lambobinta biyu sun shiga. Ba kowane kanti ke ajiye ta ba, sai an sa sun yi oda, amma jiran mako ɗaya ya fi sa wadda ba daidai ba. Kafin ta iso mun ce ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in ta kwanta, tana kuma ɗan tattaki.

Tsawo ma abin dubawa ne. Mata da yawa masu jiki gajeru ne, safar da ta ishe su a faɗi sai ta yi musu tsawo. Kada a ninke bakin, ninki yana ruɓanya matsi a wuri ɗaya. Kada kuma a sa almakashi a tsaga shi. A nemi gajeren samfuri, yawancin kamfanoni suna yi. Idan ƙafa ɗaya ta faɗa wani layi, ɗayar ta faɗa wani, kowace a ba ta nata. In kuwa awon ya wuce duk abin da ke kwali, a dawo asibiti da takardar awon. Akwai safar da ake yi wa mutum bisa awonsa, akwai maɗauri mai manne da ake daidaitawa, akwai kuma naɗin bandeji wanda ma'aikacin da ya koya ne kawai zai yi.

Safar da ta yi daidai tana kwanciya sumul, ba tattara, ta tsaya yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa, kuma yatsa yana shiga ƙarƙashin bakinta. Ɗan sawu a fata da ke ɓacewa bayan an cire ba komai ba ne. Amma in yatsun ƙafa suka yi sanyi, suka mutu, ko suka canja launi, ko aka ji zafi, a cire nan take. Ana sa ta da safe, a cire lokacin barci. Mai ciki ta sake awo in jiki ya ƙaru, haka kuma bayan haihuwa.

Mai ciwon suga da ƙafarta ba ta jin taɓi sosai, da mai matsalar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, da mai gyambo, kada su sa sai likita ya duba. Ƙarfin matsin ma, ko 15 zuwa 20 ne ko 20 zuwa 30 kamar yadda ake rubutawa a kwali, likita ne zai faɗa. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya da ciwo da ɗumi, ko mai ciki ta ga kumburi a fuska da hannu tare da ciwon kai, wannan ba maganar safa ba ce, a zo asibiti a ranar.