Ɗan Haya, Baƙonsa da Ragonsa: Abin da Takarda Ta Ce da Abin da Alƙali Ke Dubawa

Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda yanzu ake kira Jami'ar Aliko Ɗangote, ga kuma Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ga kasuwar kara da ke ci kowace Juma'a, ɗakin haya ya yi daraja a garin. Ɗalibi yana nema, ma'aikaci yana nema, falke ma yana nema. Amma har yau ɗan haya yakan karɓi makulli daga hannun dillali ba tare da an rubuta masa komai ba sai rasit. Idan ma an yi takarda, kuɗi da ranar biya kaɗai ake dubawa. Abubuwan da ke kai mutane gaban mai unguwa kuwa, wato mutum nawa ne za su kwana a ɗakin, da wa zai shigo, da wace dabba za a ɗaure, sai a bar su a baki.

A ɗauki misali. Wani ma'aikaci ya kama ciki da falo na shekara guda a gidan da iyali huɗu ke zaune, famfo ɗaya, masai biyu, mita ɗaya. Takardarsa ta ce ɗakin na mutum huɗu ne: shi da matarsa da yara biyu. Ta kuma ce ba a yarda da kiwo ba. Bayan wata uku ƙanin matar ya sami gurbin karatu a jami'a, ya sauka a falo "kafin ya sami wuri". Zango ya ƙare bai tashi ba. Da Babbar Salla ta matso, ma'aikacin ya sayo raguna biyu a kara, ya kafa musu turke a bakin rijiya. Maƙwabta suka kai kuka, mai gida ya ce a tashi.

Maganar baƙon ita ce mai wuya. Babu wanda zai hana Bahaushe saukar baƙo, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sa haƙƙin liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Sai dai wannan haƙƙi yana kan mai masauki ne, bai ɗora wa mai gidan haya ko maƙwabta komai ba. Don haka mai sulhu ko alƙali ba ya tsayawa kan sunan da aka ba mutum. Alamu yake nema. Shin kayansa suna ɗakin? Yana da nasa makullin? Daga nan yake fita lacca kullum, nan yake komowa? Yana da wani wurin kwana dabam? Yana ba da wani abu na haya? Wanda akwatinsa da katifarsa suke falo wata huɗu, ya zama mazauni, ko da har yanzu ana zuba masa abinci a kwanon baƙi. Idan kuwa yana biyan wani abu, magana ta ƙara nauyi, domin an shiga batun ba da haya cikin haya, wanda takardu da yawa ke hanawa sai da izinin mai gida.

Mai karatu ya lura, ƙayyade mutane ba rowa ba ce. A gidan tarayya kuɗin wuta da na kwasar masai yawanci ana raba su ne bisa ɗaki ko bisa kai. Ɗakin da aka lissafa da mutum huɗu ya koma biyar ko bakwai, sauran ne ke biya masa. Ga kuma abin da ya fi kuɗi a wurin mutanenmu: saurayi baligi yana ratsa tsakar gidan matan aure, a gidan da aka rubuta "Ba a shiga" a ƙofar zaure. Wannan kaɗai ya isa ƙorafi.

Amma jaririn da aka haifa bayan an sa hannu fa? Shi ma ya sa sun zama biyar. Da wuya a sami mai sulhun da zai kira haihuwa karya alkawari, domin duk wanda ya ba ma'aurata ɗaki ya san ana haihuwa. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke bi, sharaɗin da aka yarda da shi yana ɗaure mutum, kuma inda aka yi shiru al'adar gari ce ke cike gurbi. Ma'aunin shi ne cutarwa: ɗan haya yana da amfani da gida irin yadda aka saba, ba shi da amfanin da zai fi cutar da ginin ko maƙwabta.

Da wannan ma'aunin ake auna ragunan. A Wudil kalmar "kiwo" ita kaɗai ba ta warware komai, domin ragon layya na kwana goma dabam, turkar wata shida don sayarwa dabam. Ɗan hayan zai ce kowa a gari yana ɗaure rago kafin Salla, kuma zai sami masu gaskata shi. Mai gida zai nuna fitsari yana gangarawa rijiya, da siminti da ya zaizaye, da wari a ƙofar maƙwabciya. Wanda ya iya nuna ɓarna da shaidu shi ne da rinjaye, kuma gyaran abin da dabba ta ɓata yana kan mai ita. Tantabaru ma kan jawo irin wannan rigima saboda kashinsu a kan kwano da shanya, kyanwa kuwa ba kasafai ake kai ƙararta ba. Kare ya fi su duka tsanani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya hana ajiye shi a gidajen gari, in ban da na gona ko na garke ko na farauta, ko da yake masu sharhi suna ba da labarin cewa shi kansa malamin ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi. Mai son karen gadi a gidan haya, ya nemi izini a rubuce tun kafin ya kawo shi.

To, a ce an tabbatar an karya sharaɗi. Wannan bai ba mai gida ikon ɓalle ƙofa, ko cire kwano, ko yanke wuta, ko watso kaya waje ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Legas kanta saboda ta fitar da Ojukwu daga gidan Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamna, ba za a yarje wa mai ɗaki huɗu ba. Hanyar ita ce gargaɗi, zai fi kyau a rubuce, da wa'adin gyara, sai sulhu wurin mai unguwa ko Hisba, sannan notis. A tsarin da aka saba a Nijeriya, idan takarda ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata ana ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara wata shida, daga nan a ƙara notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kotu ce ke ba da umarnin tashi.

Akwai tarkon da masu gida ke faɗawa. Wanda ya ga ƙanin matar yana kwana a falo, ya yi shiru, har ya karɓi kuɗin sabuwar shekara, ya raunana hujjarsa da hannunsa, domin za a ce ya sani kuma ya yarda. A misalin nan, abin da ya fi kusa shi ne a ba ɗalibin wa'adi ya nemi ɗaki ko a sa sunansa a ƙara kason wuta da ruwa, a matsar da turke daga rijiya, a gyara simintin, iyalin su ci gaba da zama.

Saboda haka, jama'a, kafin a karɓi makulli a zauna da shaidu biyu a rubuta adadin masu kwana, da kwanakin da baƙo zai yi kafin a sanar da mai gida, da irin dabbar da aka yarda da ita da tsawon zamanta. Wanda bai iya boko ba ya sa a karanta masa, ko a rubuta da ajami, kuma kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.