Ƙaramin shagon waya a Anka, Gummi ko Bukkuyum: darasi kan matsalar caji

Ribar sayar da kati ba ta da yawa, amma ita ke jawo mutane shago kullum. Kuɗin yana wajen gyara da sayar da caja. A garuruwan nan ƙura da cajin haya na saurin lalata bakin caji, don haka nan ya kamata matashi ya fara ƙwarewa.

Misali, an kawo Tecno ta daina caji. Kada mai gyara ya yi gaggawar buɗe ta. Ya fara gwada wata igiyar caji; idan ta kama, ya sayar da sabuwa, aiki ya ƙare.

Idan ba ta kama ba, sai ya jona mitar USB. In ta nuna 5V da 0.00A, wuta na zuwa amma wayar ba ta ja. Sai ya kashe wayar, ya sakace bakin da tsinken itace, ban da allura, don tana lalata haƙoran ciki.

In hakan bai yi ba, wayoyi da dama bakin cajinsu na kan ƙaramin allo daban, wanda ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano. Kafin ya canja shi, ya auna batir: ƙasa da 3V na nufin ya zuƙe sosai, ƙila laifin ba na bakin ba ne. Canja abin da bai lalace ba asara ce, kuma kwastoma ba zai dawo ba.