Saƙon ɗaga ziyarar surukai a makon aiki

Saƙon da ake tura wa surukai don ɗaga ziyara ya fi ɓaci a kalmomi huɗu: "ba ni da lokaci". Ga dattijo, ma'anarsu ita ce akwai abin da ya fi shi daraja. Kuma sau da yawa wani yaro ne ke karanta masa saƙon a gaban mutanen gida, don haka duk kalmar da ta yi kaushi kowa zai ji ta.

A ɗauki magidanci a Gaya wanda surukansa na Ajingi suka aiko za su zo, alhali yana tsakiyar cirar gyaɗa. Ba a ce wa babba kada ya zo. Abin da ya dace shi ne ƙarami ya mayar da tafiyar kansa:

"Assalamu alaikum, Baba. Ina wuni, ya su Inna? Mun ji saƙonku, mun gode. Wannan makon muna gona wajen cirar gyaɗa, ba ma so ku zo ku tarar ba kowa a gida. In kun yarda, mu za mu zo gaishe ku ranar Juma'a ta sama, in Allah Ya so. A yi mana haƙuri."

Gaisuwa ce farko, uzuri ɗaya na gaskiya, sannan rana takamaimai, domin "wani lokaci" ƙi ne a fakaice. Ba a jingina uzurin ga 'yarsu, ba a kuma ƙirƙiro ciwon ƙarya. Gaya da Ajingi maƙwabta ne, labari ba ya kwana a hanya.

Idan amsar ta zo "To" kawai, ko aka yi shiru, a kira su a ranar, bayan magariba. Ranar da aka ambata kuma dole a cika ta.